Sakan Uku na Fuskar Sodangi

Shagona yana bayan kasuwar Sabon Birni, tsakanin mai gyaran babur da mai ɗinkin buhu. Ina tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a waya, ina kuma tace bidiyon biki da na suna a wata tsohuwar laftof da fankarta ke kuka in rana ta yi zafi. Nan Abbas ya iske ni wata safiya cikin damina. Abbas ɗan kasuwar albasa ne, a Isa yake zaune, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma mun saba. Bayan mun gaisa ya cire hularshi, ya zaro wata 'yar leda da anka ƙulle da zare, ya aje a tebur a hankali.

Ya ce, "Kamalu, garinmu na cikin abin ga."

Memori ne, irin na ƙaramar kyamara. Na sa shi a laftof, munka zauna muna kallo.

Garinsu Tungar Yari ne, can gefen Burkusuma. Shekarun baya da zama ya gagara saboda masu bindiga, mutanen garin sunka watse, wasu nan Sabon Birni, wasu Isa, wasu sunka ƙetara Nijar. Kafin watsewar, wani ɗan uwansu Illo ya samo kyamara, ya ɗauki ranar gayya a gonar Sodangi, mahaifin Abbas. Tun daga safe har la'asar ya yi ta ɗauka. Maza a jere da hauya, makiɗi na bin bayansu, mata na kawo fura a ƙwarya, yara na gudu cikin gero. Ba wanda ya taɓa tace shi. Sodangi kuwa Allah ya yi mishi rasuwa shekarar da sunka baro garin.

Abbas ya ce matarshi ta haihu, za a yi suna a Isa, mutanen Tungar Yari da dama za su zo. Yana so a nuna musu garinsu a talabijin. Kada ya yi tsawo, in sa mishi rai kamar irin waɗanda ake turawa a waya. Sai ya juya hular a hannu.

"Amma gaskiya don Inna nika so. Idonta na tafiya, yanar ido ta rufe ɗaya, ɗayan ma sai abu ya matso. Bayan suna ƙanenta zai wuce da ita Nijar, can za ta zauna. Ina so ta ga Baba yana motsi, ko sau guda, tun tana iya gani."

Na ce in sha Allah za ta gan shi.

Aikin tacewa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Duk lokacin da mai kyamara ya danna har ya tsayar, ɗauka guda ke nan. Sai ka jera su a layi ƙasan allo, ka datse kai da wutsiyar kowace, inda hannu ya girgiza ko kyamara ta kalli ƙasa. Abin da ka datse bai ɓace ba, in ka ja bakin ɗaukar zai dawo. Wannan jeri shi ne haɗin farko, ba ado, ba rubutu. Daga nan ne aikin ke cin rai, don kowace ɗauka sai ka yanke mata hukuncin zamanta a allo. Ka ɗauke ta da wuri, mai kallo bai gama gani ba. Ka bar ta ta daɗe, ya soma taɓa wayarshi.

Ni hannuna ya saba da biki. A biki amarya ta juyo, ka yanke. Kuɗi ya tashi sama, ka yanke. Ganga ta buga, ka yanke a kan bugun. Haka na yi wa gayyar Tungar Yari, kowace ɗauka sakan biyu, wata ma ba ta kai ba. Ya yi daɗin kallo ƙwarai, hauyoyi na sauka daidai da kiɗa.

Abu guda ya dame ni. Na bi memorin kaf, fuskar Sodangi, wadda Abbas ya nuna mini, wuri guda kawai ta fito kusa. Yana duƙe yana noma, sai ya ɗago ya dubi kyamara, bakinshi ya soma buɗewa kamar zai yi dariya. Sai wani ya kira Illo, ya kauda kyamarar. Sakan uku ne. Na sa su duka a tsakiyar fim, ban datse ko ƙiris ba.

Hajjo, uwar Abbas, tana zaune nan Sabon Birni wurin ɗiyarta Laraba. Da haɗin farko ya kammala, Abbas ya ce mu kai mata ta gani. Munka je bayan azahar. Laraba ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta saki labule don haske ya ragu, na aje laftof a kan kujerar tsugunno dab da tsohuwar. 'Yar ƙaramar mace ce, da zanen Gobirawa a kumatunta, da carbi a hannu.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kai na mai maido da gari?"

Na ce, "Inna, za mu dai gwada."

Na kunna. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa allo.

"Wanga ai gawon bakin... a'a, ina ya tafi? To wanga kuma wa na? Laraba, wa na wanga?"

"Badaru na, Inna."

"Badaru! Allah shi jiƙan Badaru, Allah shi..." Ta dubi allo, tuni wasu fuskoki huɗu sun wuce. Ta ci gaba da addu'arta dai, ta shafa. Tana cikin shafawa fuskar Sodangi ta zo ta wuce. Abbas ya dube ni, na dube shi.

Da fim ya ƙare ta ja baya ta jingina da bango.

Ta ce, "Ɗan nan, kai kora mutane kakai? Mutum ya zo, kafin in ce mishi sannu ka kore shi. Ko ɓarawon akuya ana barin shi ya tsaya a ga fuskarshi."

Laraba ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kamalu, ka ji. Ba bikin 'yan mata ba na."

Ni ma na yi dariya, amma na ji maganar. Mutanen ga ba kallo kawai suke yi ba. In fuska ta fito sai an faɗi sunan mai ita, da na ubanshi, da inda yake yanzu. In ya rasu sai an yi mishi addu'a an shafa. Ban bar wa ko ɗaya daga ciki wuri ba.

Washegari na koma ni kaɗai, da yardar Abbas. Na buɗe layin aikin a gabanta. Na ce, "Inna, yau ke za ki yanke. Duk wanda ya fito, sai kin gama da shi za ni ɗauke shi."

Ta ce, "To, ka ga magana."

Ranar nan ba za ni manta da ita ba. Ruwa ya ɗan sauka da hantsi, ƙamshin ƙasa na shigowa ta ƙarƙashin labule, Laraba na tsince wake a bakin ƙofa. Ni kuma ina jan bakin kowace ɗauka, ina sa alama inda maganar tsohuwar ta tsaya. Na lura fuska in tana kusa, nan da nan take gane ta, sai dai addu'a ta ja lokaci. Amma in hoton daga nesa ne, gona duka da mutane ƙanana a ciki, sai idonta ya yi yawo tukuna, daga itace zuwa rumbu, daga rumbu zuwa hanya, kafin ta ce uffan. Irin waɗannan sai na ninka musu zama.

Ta nuna mini gawon da ake aje furar gayya a ƙarƙashinshi. Ta nuna hanyar rijiya, ta ce da damina sai ka ɗage zane don laka. Ta ga Kande, maƙwabciyarta, ɗauke da ƙwarya, ta ce, "Dube ta, furarta kullum tsami, amma ba ta yarda." Ta ƙara da cewa Kande na Nijar yanzu, ƙafa ta hana ta tafiya. Makiɗin ma ta san kakanshi. Ina saurare sai na tuna gonar kakata a gefen Alkalawa, yadda muke tsintar ɓaraguzan tsofaffin tukwane in hauya ta tono su, mu jera a kan kunya muna cewa kasuwa ce. Na daɗe ban je ba.

Sai munka iso kan Sodangi.

Da bayanshi ya bayyana yana duƙe, kafin ma ya ɗago, Hajjo ta ja mayafinta ta sunkuyar da kai. Ta soma jan carbi. Sodangi ya ɗago, ya dubi kyamara, ya wuce. Can ta ɗago ido, sai ta iske yara na gudu cikin gero.

Na ce, "Inna, in maido baya in tsayar?"

Ta ce, "Mi za ni kallo? Wuce, ɗan nan."

Na wuce. Da munka kai ƙarshe ta ce idonta na yaji, ya isa haka, sai kuma ranar suna ta sake gani tare da jama'a.

Laraba ta rako ni zaure. Ta rage murya.

"Kada ka ƙara ce mata za ka tsayar. Ka taɓa jin ta kama sunan Baba? Tun muna yara, in ya shigo gida kai take saddawa. Ko a gabanmu ba ta duban shi ido cikin ido, balle a gabanka. Ranar suna ga surukai, ga ƙawaye. In kunka tsayar ko kunka maimaita, ta gane don ita anka yi, wallahi tashi za ta yi ta bar ɗakin."

Na ce, "To ba ta son ganin shi ne?"

Laraba ta dube ni kamar na tambayi ko ruwa na jiƙa mutum. Ta ce, "Jiya bayan kun tafi, sau nawa ta tambaye ni ko kowa da kowa ya fito a ciki. Wa kake zaton take nufi?"

Na koma shago. Na haɗa sabon jerin bisa alamun da na sa, na kalle shi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, don haka ne kawai ake gane tafiyar fim. Ya yi tsawo sosai. Abin da ya fi ba ni tsoro, yanzu da kowa ya samu dogon zama, sakan ukun Sodangi sun ƙara gajarta a ido. Bayan Badaru ya daɗe a allo, Kande ta daɗe, sai mai gonar kanshi ya gifta kamar walƙiya.

Abbas ya zo ran kasuwa, ya kalla, tun bai kai rabi ba ya soma hamma.

Ya ce, "Kamalu, wanga ai sai mutane su yi barci. Na ce ka sa rai, ka sa mishi bargo."

Na faɗa mishi abin da ya faru. Ya yi tagumi. Ya ce, "To ka daskarar da fuskar Baba mana, ta tsaya cak, har ta ɗago."

Na ce ana iyawa. Na yi mishi ya gani. Sodangi ya ɗago, ya ƙame, baki a ɗan buɗe, ido a tsaye, kiɗa na ci gaba a bayanshi. Abbas ya kauda kai da sauri.

"A'a. Cire. Kamar gawa. Hoto muna da shi a bango."

Na gwada rage gudun ɗaukar. In na rage kaɗan ba ta ƙara wani tsawon kirki ba, in na rage sosai sai motsin ya riƙa tsalle-tsalle, don kyamarar Illo ba ta irin wannan aiki ba ce. Na mayar da ita yadda take.

Munka zauna, mai gyaran babur na ta buga ƙarfe a gefe. Sai na ce wa Abbas, tun da fuskar ba ta ƙaruwa, sai dai a nemi abin da zai zo kafin ta. Inna tana sadda kai ne da zarar ta gane shi. To ta gane shi da wuri, ta yi kunyarta ta gama a kan wani hoto daban, in ta ɗago ta iske fuskar na jiran ta.

Ya ce, "Ina za ka samu wani hoton? Ka ce wuri guda ya fito."

Na ce wuri guda ya fito kusa. Daga nesa ban sani ba, don ni ban san shi ba.

Munka aika a kira Laraba. Ta zo da goyonta tana mita, wai an taso ta daga kan tuwo. Na koma kan wutsiyoyin da na datse tun farko, ina jan su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen wata ɗauka ta mata masu fura, Illo ya manta bai kashe kyamara ba. Matan sun fita daga hoto, sai gona kawai, da wani mutum can nesa ya ba da baya, hauya a kafaɗa, yana tafiya wajen gawo. Na datse wurin ne don na ga ba abin da ke faruwa.

Laraba ta dafa tebur. "Tsaya. Baba na."

Abbas ya matso. "Ina kika ga fuska?"

"Wa ke neman fuska? Dubi ƙafar hagu. Tun da sa ya take shi haka yake jefa ta."

Abbas ya sa hannu ya share ido, ya ce ƙurar kasuwa ce, ko da yake ruwa aka yi da safe.

Ɗaukar tana da ɗan tsawo, amma ba har abada ba. Mutumin yana tafiya, ya tsaya kusa da gawo, ya soma juyowa, sai wani jaki ya shigo ya rufe kyamara. Tsakanin fitar matan da shigowar jakin, nan ne duk abin da nake da shi.

Na ɗauko ta na aje dab kafin fuskar. Badaru da duk wanda ya rasu na matsar da su can farkon fim, kada addu'arsu ta ci lokacin. Waɗanda ke raye na rage musu zama, daidai a faɗi suna a yi dariya. Ɗaukar hauyoyi da kiɗa na mayar da su gajeru kamar yadda Abbas ke so, na jera su kafin wurin, don in an fito daga sauri aka shiga tafiyar Sodangi, kowa ya ji an sauke numfashi. Bayan fuskar kuma ban sa mutum ba. Na sa gero yana kaɗawa cikin iska, na bar shi ya daɗe, kiɗan na can ƙasa-ƙasa.

Saura tambaya guda: tafiyar nan, nawa za ta zauna?

Na ce wa Laraba ta zauna a benci ta zama Inna. Ta ce, "Kai Kamalu, ka raina ni," amma ta gyara goyo ta zauna. Na kunna. Da mutumin ya fito ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai, ta riƙa jan carbin da babu, tana motsa baki. Can ta ɗan karkato ido ta gefen mayafi, kamar mai leƙen tukunyar maƙwabta. Abbas ya yi dariya har ya buge gwiwa da tebur.

"Wallahi ita ta! Har karkata wuyan!"

Na sa alama inda ta leƙo. Munka sake, alamar ta matsa gaba. Munka sake, ta dawo baya.

Abbas ya ce, "Ka yanke a ta farko. Mutum na tafiya ba komi, jama'a za su gaji."

Laraba ta ce, "Ka bar shi har jakin. Inna ba ta da sauri."

Ni dai na yi ta kallon wurin ina maimaitawa. In na yanke da wuri, fuskar za ta zo kanta na ƙasa, shi ke nan. In na kai har jaki, dariya za a yi, abin ya lalace. Kuma a talabijin babba za a nuna, ido ya fi daɗewa yana yawo a kanta fiye da laftof. Sai na tsaya a inda Sodangi ya tsaya kusa da gawo, kafaɗarshi ta soma juyowa. Na yanke a tsakiyar juyowar, na datse ɗan duƙawar da ke farkon ɗaukar fuskar, ta yadda yana juyowa daga nesa sai ga shi yana ɗagowa a kusa, kamar motsi guda. Datsewar ta ci wani abu daga sakan ukun, na kuma san haka. Na daɗe da yatsa a kan madanni kafin na yarda. Ɗan abin da na cire bayanshi ne kawai, fuskar na nan cikakkiya.

Abbas ya ce, "In ba ta ɗago ba fa?"

Na ce, "Sai mu ce Allah bai nufa ba."

Ranar suna na hau bayan babur zuwa Isa da laftof a jaka, na naɗe ta da leda saboda hadari. Gero ya kai ƙugu a gefen hanya. Maza sunka fara kallo a zaure bayan azahar, ana ta ihu ana nuna juna, wani tsoho ya rantse ba shi ne ke fakewa a inuwa ba alhali ga shi ƙiri-ƙiri. Ba wanda ya yi barci. Bayan la'asar anka shigar da talabijin babban ɗaki wurin mata, anka tada janareta. Na yi sallama na shiga, na haɗa talabijin da laftof, na rakuɓe a lungu kusa da ƙofa.

Ɗakin ya cika, ƙamshin turare da na masa. Laraba ta zaunar da Hajjo gaba-gaba, ta ce don idonta. Na kunna.

Wannan karon ta samu gaisawa da kowa. Mata na taya ta, ana faɗin suna, ana cewa Allah sarki. Da Badaru ya fito ɗakin duka ya yi mishi addu'a, anka shafa, yana nan bai tafi ba sai da hannuwa sunka sauka. Kande ta fito, wata ta ce a gaya mata an ga ƙwaryarta. Sai hauyoyi da kiɗa, wata tsohuwa ta soma kaɗa kafaɗa, anka yi mata guɗa.

Sai kiɗan ya yi ƙasa. Gona ta buɗe, mutum guda na tafiya wajen gawo.

Na ga bayan Hajjo ya motsa. Ta ja mayafi, kanta ya sauka. Ba wadda ta kama sunanshi, kowa ya gane, kowa ya bar mata. Sodangi na tafiya yana jefa ƙafa. Ni idona na kan mayafin. Ya wuce inda Laraba ta leƙo da farko, kan Hajjo na ƙasa. Ya wuce alama ta biyu, carbi na tafiya a yatsunta. Ya iso gawo. Ya tsaya.

Wuyanta ya ɗan karkata.

Kafaɗarshi ta juyo, sai ga fuskarshi ta cika talabijin, gumi a goshi, ido a kanta, baki na shirin dariya. Hajjo ba ta kauda kai ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Fuskar ta wuce, gero ya shigo yana kaɗawa, ita kuwa tana nan a yadda take, tana duban wurin da yake.

Mata sunka soma addu'a ƙasa-ƙasa. Ta bari sai da sunka shafa, ta shafa tare da su. Sa'an nan ta juya wajen Laraba, ta yi magana yadda kowa ya ji.

"Kin gani ko? Rigar Juma'a ya sa ya tafi gona. Na ce mishi kada ya sa ta, ya ce ai za a ɗauki hoto. Kwana biyu ina wankin ta."

Ɗakin ya ɗauki dariya, wasu na share hawaye da bakin zane. Laraba ta juyo ta neme ni da ido a lungun da nake, ta gyaɗa kai. Fim ya ci gaba, yara sunka shigo da gudu cikin gero, wata mata ta ce ga ɗanta nan, yanzu har ya yi aure.

Da na fito Abbas na tsaye a bakin zaure, ya kasa shiga ya kasa zama.

Ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Ta gan shi. Har ta yi mishi faɗa."